Kalmomi da Alƙaluma: Yadda Ake Tantance Adadin Kuɗi a Caki

Duk cakin banki yana da wurare biyu na rubuta kuɗi. Akwai dogon layi, wani lokaci biyu, inda ake rubuta adadin da kalmomi, sannan akwai ɗan akwati a gefen dama inda ake rubuta shi da alƙaluma. Yawancin masu karɓar caki akwatin kawai suke duba, domin shi ya fi saurin karantuwa. In sun ga lambar da suke sa rai, sai su ninke takardar su sa aljihu. Kashiya kuwa ba ya biya sai ya karanta duka biyun, kuma in suka saɓa, yawanci cakin komawa yake yi hannun wanda ya kawo shi.

Dalilin rubuta adadi sau biyu shi ne alƙaluma ba su da wuyar lalacewa. Sifili ɗaya in ya ƙaru, kuɗi ya ninka goma. Biro in ya ɗan zame, 1 ya koma 7, ko 3 ya koma 8. Waƙafi in ya zauna inda ba muhallinsa ba, mai karatu ya rikice. Kalmomi sun fi tsawo, sun fi cin lokaci, kuma da wuya mutum ya yi niyyar rubuta "dubu hamsin" hannunsa ya rubuta "dubu ɗari biyar". Saboda haka layin da akwatin tamkar shaidu biyu ne a kan magana ɗaya: ana saurarar kowanne shi kaɗai, sannan a ga ko bakinsu ya zo ɗaya.

Doka ta daɗe da faɗin wanda za a bi in suka saɓa. Dokar Birtaniya ta 1882 a kan takardun biyan kuɗi, a sashe na 9, ta ce in an rubuta adadi da kalmomi da kuma alƙaluma, aka sami bambanci, to abin da kalmomin suka nuna shi ne abin biya. Dokar Najeriya daga can aka ɗauko ta, kuma hukuncin iri ɗaya ne. Ƙasashen da suka bi tsarin Faransa, irin su Nijar, suna da makamancin wannan, wanda asalinsa yarjejeniyar Janiba ce ta 1931 a kan caki. A wannan tsarin ma kalmomi ne ke rinjaye, kuma an ƙara da cewa in an maimaita adadin fiye da sau ɗaya da kalmomi, ko fiye da sau ɗaya da alƙaluma, to mafi ƙanƙanta za a biya.

Sai dai abin da ke faruwa a kanta ya ɗan bambanta da wannan. Banki ba ya son yin hasashen abin da ke zuciyar mai asusu, domin in ya biya fiye da abin da aka nufa, rigimar a kansa za ta ƙare. Abin da ya fi masa sauƙi shi ne ya mayar da cakin, da bayanin cewa kalmomi da alƙaluma sun saɓa. Wanda aka ba cakin shi ke shan wahala: sai ya koma neman wanda ya rubuta, wataƙila a wani gari, bayan kaya sun riga sun bar hannunsa. Wannan ya sa lokacin dubawa shi ne lokacin da mai cakin ke tsaye a gabanka da bironsa.

A ce wani ɗan kasuwa a Dawanau ya sayar da buhun masara 50 a kan naira 41,000 kowanne. Kuɗin ya kama naira miliyan biyu da dubu hamsin. Mai saye ya rubuta hakan daidai a layin kalmomi, amma a akwati ya rubuta 2,500,000. In aka yi wa takardar kallo ɗaya, ba za a ga komai ba: akwai biyu, akwai biyar, akwai tarin sifili. Ido yana ganin abin da ya riga ya sa rai ne, musamman in akwatin aka fara karantawa.

Maganin wannan shi ne a fara da kalmomi. Ɗora babban yatsa a kan akwatin ka rufe shi. Karanta layin kalmomin a hankali, kalma bayan kalma, sannan ka rubuta adadin da alƙaluma da hannunka a wata takarda daban. Ka raba shi gida uku: gidan miliyan, gidan dubu, da gidan ragowa. Ƙa'idar ita ce, in ban da gidan farko, kowane gida dole ya ɗauki lamba uku cif. A misalinmu, gidan miliyan ya sami 2. Gidan dubu ya sami hamsin, kuma tun da babu ɗari a cikinsa, sai a sa sifili a gurbin ɗarin, ya zama 050. Gidan ragowa babu komai, 000. In an haɗa, 2,050,000 ke nan. Yanzu ɗaga yatsa ka gwada gida da gida. Na farko 2 da 2, sun yi daidai. Na biyu 050 a takardarka, 500 a akwati. Nan matsalar take, kuma bambancin naira 450,000 ne.

Irin wannan kuskuren, na sifilin tsakiya, ya fi kowanne ɓuya, domin yawan lambobin bai canja ba, wurinsu kawai ya canja. Haka 205,000 ke rikiɗewa ta zama 250,000, ko 1,005,000 ta zama 1,050,000. Akwai kuma musayar wuri tsakanin lambobi biyu da ke maƙwabtaka, a rubuta 367,000 a maimakon 376,000. Kuskuren rashin sifili ko ƙarinsa ya fi saurin kamuwa, muddin an ƙirga lambobin: dubu ɗari lamba shida ce, miliyan bakwai, miliyan goma takwas. In waƙafin da ke akwati bai bar lamba uku a bayansa ba, kamar a ga 25,00,000, kada a yi ƙoƙarin fassara shi, a nemi mai cakin ya sake wani.

Kwabo ma yana jawo ruɗani. Wasu kan rubuta 75,000.00, kuma in ɗigon bai fito sosai ba, sifilai biyun ƙarshe sai su shige cikin naira, a karanta miliyan bakwai da rabi. Masu hulɗa da 'yan kasuwar Maraɗi ko Damagaram kuma su tuna cewa a rubutun Faransanci waƙafi shi ke raba cikakkiyar lamba da ɓurɓushinta, dubbai kuwa da tazara ko ɗigo ake raba su. A duk waɗannan, layin kalmomi ne ke raba gardama.

To, in kalmomi da alƙaluma sun dace fa, shi ke nan? Ba lallai ba. Daidaituwarsu tana nuna babu tuntuɓen alƙalami, amma ba ta nuna cewa babu wanda ya taɓa cakin bayan an sa hannu. Mai niyyar cuta ya san kashiya zai duba wuraren biyu, don haka duka biyun yake gyarawa.

Akwai wata shahararriyar shari'a a Ingila da ta nuna haka. Wani akawu a kamfanin Macmillan da Arthur ya kawo wa ɗaya daga masu kamfanin caki na fam 2, ya ce na ƙananan kashe-kashen ofis ne. Lambar 2 tana wurin alƙaluma, da fili a gabanta da bayanta, layin kalmomi kuwa fayau. Maigidan yana sauri, ya sa hannu. Akawu ya ƙara 1 a gaba, 0 a baya, ya zama fam 120, ya cike layin kalmomi da adadin da ya dace da hakan, ya je banki ya karɓi kuɗi ya gudu. Babu kankara, babu gyara, kalmomi da alƙaluma kuma bakinsu ɗaya. A 1918 kotun ƙoli ta Birtaniya a wancan zamani ta yanke cewa asarar ta kamfanin ce, ba ta banki ba, domin wajibi ne mai asusu ya rubuta cakinsa ta yadda ba zai buɗe wa maguɗi ƙofa ba.

Ko da an cike layin kalmomi, fili yana iya zama ƙofa. A Najeriya da Turanci ake rubuta caki, kuma a Turanci harafi ɗaya ne tak ya raba kalmar takwas da ta tamanin, haruffa biyu suka raba shida da sittin, haka ma bakwai da saba'in, duka a ƙarshen kalma. In mai rubutu ya bar tazara tsakanin "takwas" da "dubu", ana iya cusa harafin, a ƙara sifili a akwati, 8,000 ta zama 80,000. In ya fara rubutu daga tsakiyar layi, ana iya sa "ɗari uku da" a gaban "hamsin", a sa 3 a farkon akwati.

Saboda haka bayan gwada adadin akwai duba na biyu, na yanayin rubutun kansa. Harafin da aka matse tsakanin kalmomi biyu abin zargi ne. Haka lambar farko da ta manne da alamar naira alhali sauran suna da sarari, ko sifilin ƙarshe da ya fi 'yan'uwansa ƙanƙanta. A duba ko launin tawada ɗaya ne daga farko zuwa ƙarshe, ko kaurin biron ya canja, ko rubutun ya karkata wani ɓangare daban a wata kalma. In aka ɗaga takardar zuwa haske, wurin da aka kankare yakan fi sauran sirantaka, zanen da ke ƙarƙashin rubutu kuma yakan koɗe.

Mai rubuta caki zai iya toshe waɗannan ƙofofi tun daga farko. Ya fara kalmomi daga ƙarshen hagu na layi, ya jera su kusa da juna, ya rufe da kalmar nan mai nufin "kawai", sannan ya ja layi ya cike ragowar filin. A akwati ya fara lambar farko dab da alamar naira, ya sa waƙafi bayan kowane gida, ya ja ɗan layi a ƙarshe. Ya fi kyau ya rubuta kalmomi tukuna, ya kwafo alƙaluma daga gare su, sa hannu kuma ya zo a ƙarshe, bayan an cike komai. Ya kuma rubuta adadin a guntun da ke zama cikin littafin caki, domin in gardama ta taso yana da abin nunawa.

In an gano saɓani, wanda aka ba caki ba shi da hurumin gyara ko da ɗigo ɗaya, ko da kuwa ya tabbata ya san adadin gaskiya. Canja adadi ba da yardar mai asusu ba yana iya ɓata cakin gaba ɗaya a idon doka, ya kuma jawo wa mai gyaran zargin maguɗi. Mai asusu ne kaɗai zai soke kuskuren da layi ɗaya, ya rubuta daidai a sama, ya sa cikakken hannunsa a gefen gyaran. Duk da haka banki na iya ƙin karɓa, musamman yanzu da hoton caki ne ke tafiya tsakanin bankuna a maimakon takardar, abin da aka fara a Najeriya a 2012, kuma gyara a hoto yana da wuyar tantancewa. Abin da ya fi tsafta shi ne a soke cakin, a rubuta wani sabo, a sake karanta shi daga kalmomi kafin a rabu.