"Don Allah Ki Cire Min Hoton Nan"

Washegarin kamun wata ƙawarsu, 'yar yayata ta farka ta tarar da hotonta a Facebook. Aminiyarta ce ta ɗora hotunan biki guda takwas, na shida a cikinsu kuwa an ɗauke shi daidai lokacin da ɗankwalinta ya zame tana tsakiyar rawa, gyale ya faɗi, baki buɗe. A cikin zauren da mata zalla ne wannan abin dariya ne kawai. Amma aminiyar ta bar hotunan a Public, wato kowa na iya gani, har wanda bai san su ba. Kuma ta liƙa sunan yarinyar a jiki, don haka hoton ya isa ga kawunnanta, da malaminta na Islamiyya, da dangin saurayin da ake maganar kawo kuɗin gaisuwarsa bayan salla.

Ga saƙon da ta aika mata, bayan ta rubuta ta goge har sau uku:

"Salam ƙawata, ya gajiyar biki? Hotunan sun yi kyau wallahi. Sai dai na shida, wanda ɗankwalina ya faɗi, ban ji daɗin ganinsa a waje ba, kin san su Kawu suna nan. Don Allah ki goge shi gaba ɗaya yanzu, ba cire sunana kawai ba. In kin tura wa wani ko kin sa a status, ki faɗa min. Na san ba da wata manufa kika yi ba."

Na daɗe ina juya saƙon nan a raina, domin ya yi abin da yawancinmu ba mu yi idan rai ya ɓaci. Ya ambaci hoton da ake nufi, ba a bar ƙawar tana lalube cikin takwas ba. Ya faɗi dalili a jumla guda, bai tsaya kare kai ba. Ya bar wa ƙawar ƙofar fita da mutuncinta, domin wanda aka fara da zargi yakan fara da gardama, hoton kuma yana nan yana yawo ana ta musayar yawu. Mafi muhimmanci, ya faɗi ainihin aikin da ake so. Kalmar "cire" tana da fuska fiye da ɗaya a waya, kuma a nan mutane da yawa suke yaudarar kansu.

Abin da yarinyar za ta iya yi da hannunta kaɗan ne. Tana iya danna Remove tag, sunanta ya rabu da hoton. Wannan yana hana shi bayyana a shafinta, yana rage yadda yake kaiwa ga abokanta, kuma ya kamata ta yi shi tun kafin ta aika saƙo. Sai dai hoton bai motsa daga inda yake ba. Fuskarta na nan, duk wanda ya shiga shafin aminiyar zai gan ta. Haka nan idan ta ɓoye shi daga shafinta, ko ta toshe ƙawar don haushi: idonta kawai ta rufe. Toshewar ma ta fi muni, domin daga nan ba za ta ƙara sanin ko an goge ko ba a goge ba. Jimina ke nan da ta cusa kai a rairayi.

Gogewar gaskiya tana hannun wadda ta ɗora. Wani abin da ke sa ƙawaye jan ƙafa shi ne tunanin cewa sai an zubar da duka hotunan, tare da yabon da aka riga aka tara a ƙarƙashinsu. Ba haka ba ne. A Facebook ana iya buɗe hoton shi kaɗai a goge shi, sauran bakwai su zauna lafiya. A Instagram ma, idan hotuna ne jere, ana shiga Edit a cire guda, muddin aƙalla biyu za su rage. Idan ƙawar tana kan hanya ko ba ta da natsuwar yin wannan, akwai matakin daƙiƙa goma: a Facebook ta mayar da masu gani daga Public zuwa Only me. Nan take kowa ya daina gani, ban da waɗanda aka liƙa sunansu a jiki, sai ta goge a tsanake daga baya. Abu guda za a kula da shi: waɗannan manhajoji biyu sukan ajiye abin da aka goge na kwana 30 a wani kwandon shara da mai shafin kaɗai ke gani, kuma a cikin kwanakin tana iya dawo da shi. Wadda ke son ta cika alkawari sai ta bi shi can ta ƙarasa.

A nan labarin ya ɗan karkace. Aminiyar ta goge cikin minti ashirin, ta ba da haƙuri, amma da aka tambaye ta sai ta tuna ta zuba hotunan a zauren WhatsApp na ƙawayen amarya tun daren jiya, ta kuma sa a status. Shi status yana ɓacewa da kansa bayan awa 24, ana kuma iya goge shi kafin nan. Na zauren kuwa akwai Delete for everyone, wanda ke aiki cikin kusan kwana biyu da turawa, kuma shugabar zauren ma tana da ikon goge saƙon wata. Bayan wa'adin, ƙofar ta rufe. Ko a cikin wa'adin ma, hoton da wata ta riga ta adana a wayarta, ko ta ɗauki hoton fuskar wayar, ya fita daga ikon kowa.

Wannan bambancin ya cancanci a tsaya a kansa. Idan mutum ya danna Share a Facebook, bai kwafi hoton ba, nuni kawai ya yi zuwa ga na asali, don haka da an goge uwar, 'ya'yan sun mutu. Amma wanda ya sauke hoton a wayarsa ya sake ɗorawa, ya haifi sabon abu mai zaman kansa, sai an bi shi daban an roƙe shi daban. Shi ya sa awa guda ta farko ta fi kwana uku na baya daraja, shi ya sa kuma jumlar "in kin tura wa wani ki faɗa min" ba ado ba ce a cikin saƙon. Ita ce ta fito da mutum biyu da suka adana hoton, aka kira su ɗaya bayan ɗaya.

Kuskuren da na fi gani shi ne a yi roƙon a bainar jama'a, a ƙarƙashin hoton: "Wallahi ki cire, ba na so!" Wanda ya wuce hoto na shida bai lura ba, yanzu zai koma ya duba. Manhajar ma takan ƙara tura abin da ake ta magana a kansa gaban mutane. A 2003 mawaƙiyar Amurka Barbra Streisand ta kai ƙarar wani mai ɗaukar hoto don a cire hoton gidanta na bakin teku a California daga cikin dubban hotunan da ya ɗauka. Kafin ƙarar, sau shida kacal aka sauke hoton, biyu daga ciki lauyoyinta ne. Cikin wata guda bayanta, mutum fiye da dubu ɗari huɗu suka je kallo, ta kuma faɗi a shari'ar. Gara saƙo a keɓe, in ya yi minti talatin ba amsa a buga waya.

To in ƙawar ta ƙi fa? Yana faruwa, kuma amsar kusan iri ɗaya ce: "Haba, ai ba komai a hoton, ke dai kin cika tsoro," ko "wayata ce, ni na ɗauka." Ta biyun tana da ɗan ƙamshin gaskiya, domin a ƙa'idar haƙƙin mallaka hoto galibi na wanda ya ɗauka ne. Ta farkon kuwa ba ta da tushe. Ba mai ɗorawa ce ke auna kunya ba, mai fuskar ce, don ita za ta zauna gaban mahaifinta da daddare. Abin da ba komai ba ne a gidanku yana iya zama maganar da za a yi mako ana yi a nasu gidan.

Kada a ɗora dogon buri a kan kai ƙara ga kamfanin. Maɓallin Report yana nan, amma hoton da ba tsiraici a ciki, ba cin zarafi, ba barazana, sau da yawa sukan ce bai saɓa ƙa'idarsu ba, kuma mai dubawar bai san nauyin faɗuwar ɗankwali a Kano ko Zinder ba. Ƙarar takan fi ƙarfi idan an haɗa hoton da kalaman izgili, ko kuma wadda ke ciki ƙaramar yarinya ce. Ta ɓangaren doka, sashe na 37 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya kare sirrin 'yan ƙasa, akwai kuma dokar kare bayanai ta 2023 da dokar laifukan intanet ta 2015. Sai dai a ganina, kan hoton biki tsakanin ƙawaye, yayar ƙawar ko mahaifiyarta za ta gama cikin kira ɗaya abin da lauya zai yi watanni yana bi. Kafin a je ko'ina, a adana shaida: hoton fuskar wayar da ke nuna abin da aka ɗora, da ranar, da saƙon roƙon da aka aika.

Akwai iyakar da in an tsallake ta, magana ta bar hannun ƙawance. Idan hoton na tsiraici ne, ko wani ya ce sai an ba shi kuɗi ko an biya masa wata buƙata kafin ya goge, ba roƙo ake yi ba, kuma ba a biya, domin wanda aka biya sau ɗaya zai dawo. A sanar da babba a gida, a kai wa hukuma. Akwai StopNCII.org ga waɗanda suka kai shekara 18, da Take It Down ga waɗanda aka ɗauki hotonsu suna ƙasa da haka. Ba a tura musu hoton kansa. Wayar ce ke fitar da wata lamba ta musamman daga jikinsa, kamar zanen yatsa, kamfanonin da ke cikin tsarin su yi amfani da ita wajen gano shi da tare shi.

'Yar yayata ba ta kai nan ba. Cikin biyun da suka adana hoton, ɗaya ta goge a gabanta, ɗayar ta ce ta goge, kuma babu hanyar tabbatarwa sai yarda. A daren ta shiga saitin Profile and tagging ta kunna bitar liƙa suna, ta yadda duk abin da aka sa sunanta ba zai hau shafinta ba sai ta amince. Wannan bai hana kowa ɗora hotonta a nasa shafin ba, amma yanzu ita ke fara gani kafin ya hau nata. A bikin da ya biyo baya, aminiyar ta turo mata hotuna huɗu tun suna cikin mota, ta ce: "Duba, wanne zan sa?" Ta zaɓi uku.