Na'urar da ba ta ƙirga, amma ta san cika da mara

Ga jerin lambobi: 1011001. Tambayar ita ce, ɗaya nawa ne a cikinsa, cika ne ko mara? Wato idan aka haɗa su biyu-biyu, za su ƙare daidai, ko guda zai yi saura ba abokin tafiya? Duk wanda ya duba zai ce guda huɗu ne, don haka cika ne. To, yanzu a ce jerin ya kai lamba miliyan, ana kawo su ɗaya bayan ɗaya, wadda ta wuce ba ta dawowa, kuma an hana ka takarda da alƙalami. Wannan ita ce matsalar da ake yawan fara bai wa ɗaliban kimiyyar kwamfuta idan aka zo darasin otomaton, kuma ƙanƙantarta ce ta sa ake ganin duk yadda aikin yake a cikinta.

Otomaton ba ƙarfe ba ne da za a saya a kasuwa. Na'ura ce ta tunani da ake zanawa a allo. Tana da matsayi ƙayyadaddu, kuma a kowane lokaci tana tsaye ne a kan guda ɗaya kacal daga cikinsu. Tana karanta alama ɗaya, sai ta duba dokar da aka shimfiɗa mata, ta koma wani matsayi ko ta tsaya inda take. Idan jerin ya ƙare, a duba inda ta tsaya: in matsayin karɓa ne, ta karɓi jerin, in ba shi ba ne, ta ƙi shi. Ba ta da wurin ajiye komai ban da matsayin da take kai. Tushen wannan tunani yana cikin aikin Warren McCulloch da Walter Pitts na 1943 a kan yadda ƙwayoyin jijiyar ƙwaƙwalwa ke aiki, daga baya Stephen Kleene ya tsara shi a lissafi a wani aiki da aka buga a 1956.

Inda mai zane yake fara tuntuɓe shi ne ya ɗauka dole na'urar ta yi ƙirga. Sai ya zana matsayi na "ban ga ɗaya ba", da na "na ga guda", da na "na ga biyu", da na "na ga uku", har allo ya cika. Wannan hanya ba ta da ƙarshe, domin ko matsayi dubu ya zana, za a kawo jerin da ke da ɗaya dubu da ɗaya. Tambayar da ya kamata ya yi wa kansa daban ce: cikin duk abin da na karanta zuwa yanzu, me nake buƙatar riƙewa don in ba da amsa a ƙarshe? Wanda ya ga ɗaya guda 2 da wanda ya ga guda 38, duk abin da zai biyo baya, amsarsu iri ɗaya za ta kasance. Haka wanda ya ga guda 3 da wanda ya ga 39. Ke nan adadin kansa kaya ne da ba a buƙata. Abin riƙewa shi ne cika ko mara, shi ke nan.

Makunnin fitila misali ne mai kyau. Fitila tana kashe ka fita, yara suka yi ta danna makunnin suna wasa. Ka dawo ka tarar da ita a kashe. Ba ka san sau nawa aka danna ba, amma ka san adadin cika ne. Makunnin bai ƙirga komai ba, matsayi biyu kawai gare shi.

Saboda haka matsayi biyu za mu zana. Mu kira na farko q0, ma'anarsa "ɗayan da na gani zuwa yanzu cika ne". Na biyu q1, ma'anarsa "mara ne". Yana da kyau a rubuta wannan ma'ana a gefen kowane da'ira kafin a ja kibiya ko guda, domin daga ma'anar ce dokokin suke fitowa da kansu. Idan na'ura tana q0 ta karanta 1, cika ya zama mara, sai ta koma q1. Idan tana q1 ta karanta 1, wanda ya yi saura ya sami abokinsa, sai ta dawo q0. Sifiri kuwa ba ya ƙara komai a adadin ɗaya, don haka duk inda ya same ta nan yake barin ta. A zane, wannan ita ce kibiyar da ke fita daga da'ira ta lanƙwaso ta koma cikinta. Ga dokokin gaba ɗaya:

```
      0    1
q0    q0   q1
q1    q1   q0
```

Layin hagu matsayin da ake kai ne, na sama alamar da aka karanta, inda suka haɗu kuma shi ne inda za a koma. Gurbi huɗu ne, kuma dole kowanne ya cika, domin a irin wannan na'ura kowane matsayi sai ya san abin da zai yi da kowace alama. Wanda ya manta kibiyar sifiri, na'urarsa za ta cije da zarar ta ci karo da 0 na farko.

Saura abu biyu: daga ina za a fara, kuma ina ne matsayin karɓa? Na karɓa a fili yake, q0 ne, kuma bisa al'ada ana zana masa da'ira biyu, ɗaya cikin ɗaya. Mafarin ne yake ɗan rikita mutane. Kafin a karanta komai, ɗayan da aka gani sifiri ne, kuma sifiri cika ne, tunda an raba shi biyu ba abin da ya yi saura. Don haka daga q0 ake farawa. Abin da wannan ya haifar shi ne, na'urar tana karɓar jerin da babu komai a cikinsa, tana kuma karɓar 0000. Wasu ɗalibai sukan ga kamar kuskure ne, har su ƙara matsayi na uku don su toshe shi. Ba kuskure ba ne, abin da tambayar ta nema ke nan.

Mu bi jerinmu na farko, 1011001, daki-daki. Muna q0. An karanta 1, mun koma q1. An karanta 0, muna nan q1. Sai 1, mun dawo q0. Wani 1, mun sake komawa q1. Sifiri biyu a jere ba su motsa mu ba. Sai 1 na ƙarshe ya maido mu q0. Jeri ya ƙare muna kan da'ira biyu, an karɓa. A lura cewa a alama ta uku mun ratsa q0, amma hakan bai sa an yanke hukunci ba. Inda aka tsaya bayan alamar ƙarshe shi kaɗai ake dubawa. Da a ce an yanke 1 na ƙarshen, jerin ya zama 101100, a q1 za mu ƙare, a ƙi shi.

Akwai wani rami da yake kama har waɗanda suka iya lissafi. Jerin da ɗayansa suke cika daban yake da lambar da ita kanta cika ce. A rubutun kwamfuta 100 huɗu ke nan, lamba ce cika, amma ɗaya guda ne a ciki, don haka na'urarmu ta ƙi shi. 11 kuma uku ne, mara, amma ɗayansa biyu ne, ta karɓa. Waccan ɗaya tambayar ma matsayi biyu ke warware ta, sai dai abin da take tunawa shi ne alamar ƙarshe da ta gani, kibiyoyinta kuma daban suke. Duk wanda zai gwada zanensa, ya fara da waɗannan: jeri marar komai, da 0, da 1, da 11, da 100. In akwai kuskure a mafari ko a kibiya, cikin waɗannan biyar zai bayyana.

Gwaji dai ba hujja ba ce, tunda jeri ba su ƙirguwa. Hujjar gajeriya ce. A farko ma'anar q0 gaskiya ce. Kowace doka cikin huɗun nan, in ta sami na'ura a matsayin da ma'anarsa gaskiya ce, tana kai ta matsayin da ma'anarsa gaskiya ce. Abin da ya fara daidai, kuma kowane taki ya bar shi daidai, daidai zai ƙare komai tsawon tafiyar. Ba a kuma iya rage matsayin su koma ɗaya, domin na'ura mai matsayi guda ko dai ta karɓi komai ko ta ƙi komai, alhali dole a karɓi 11 a ƙi 1.

Ga mai rubuta manhaja, ga yadda take a yaren Python, inda 0 yake wakiltar q0, 1 kuma q1:

```python
def karba(jeri):
    q = 0
    for a in jeri:
        if a == "1":
            q = 1 - q
    return q == 0
```

Wannan ƙaramin abu yana aiki a zahiri wajen aika saƙo tsakanin na'urori. A tsarin ASCII kowane harafi lamba bakwai ne na sifiri da ɗaya. Harafin A shi ne 1000001, ɗayansa biyu. Harafin C kuwa 1000011 ne, ɗayansa uku. Mai aikawa yana ƙara lamba ta takwas yadda jimillar ɗaya za ta zama cika: ya ƙara wa A sifiri, ya ƙara wa C ɗaya. Masu saita tsoffin layukan sadarwa sun san rubutun 7E1, kuma E ɗin nan wannan yarjejeniya yake nufi. Mai karɓa kuma aikin na'urarmu yake yi. In wani tsaiko a waya ya juya lamba guda, sifiri ya zama ɗaya ko ɗaya ya zama sifiri, za a ƙare a q1, nan take a san saƙon ya lalace.

Sai dai mantuwar da ta sa na'urar ta yi sauƙi ita ce kuma rauninta. In lamba biyu suka juya tare, adadin ya sake zama cika, saƙon da ya lalace ya wuce lami lafiya. Ko a inda ta gano ɓarna, ba ta iya nuna wurin da take ba. Wannan ne ya dami Richard Hamming a Bell Labs, inda kwamfuta kan gano kuskure amma ba ta iya gyara shi, har ya fitar da tsarinsa a 1950. Dabararsa ita ce a yi wannan duba na cika da mara sau da yawa, kowanne a kan wani ɓangare na saƙon, yadda waɗanda suka gaza za su nuna ainihin lambar da ta juya.

Ana iya faɗaɗa zanen cikin sauƙi matuƙar abin tunawa yana da iyaka. In ana son adadin ɗaya ya rabu da uku, matsayi uku ake zanawa a zagaye. In ana son ɗaya su zama cika, sifiri ma su zama cika, matsayi huɗu ne, biyu sau biyu. Amma a ce ana son jerin da yawan sifirinsa ya yi daidai da yawan ɗayansa, nan hanyar ta toshe. Bayan sifiri biyar sai an tuna biyar ɗin, bayan shida sai an tuna shidan, domin ɗaya biyar za su daidaita na farko amma ba za su daidaita na biyu ba. Kowane adadi yana neman matsayinsa na kansa, don haka babu otomaton mai ƙayyadaddun matsayi da zai iya wannan aiki, sai an ƙara masa ma'ajiya da za ta riƙe ƙirga.