Shafi ɗaya da kwamiti ke fara karantawa

Ɗalibin da ke neman digirin digirgir yakan rubuta daftarin bincike mai shafi talatin ko fiye, amma malaman da za su zauna a kansa, ko masu ba da tallafi irin su TETFund, sukan fara ne da tsakuren da ke gaba. Sakin layi huɗu ne ko biyar, kalmomi kamar 300. A ciki ake so ya faɗi abin da yake tambaya, yadda zai samo amsa, wanda amsar za ta amfana, da kuma ko aikin zai yiwu a hannunsa.

Mu ɗauki misalin wata ɗalibar sashen aikin gona a Kano da ke son yin bincike kan adana wake. Ta fara da cewa za ta yi "nazari kan matsalolin adana wake a Arewacin Najeriya". Wannan take ne kawai. Ba a iya cewa an amsa shi ko ba a amsa ba, domin ba tambaya ba ce. Malaminta ya mayar mata da takardar, ya ce, "Malama, me kike son sani wanda ba ki sani ba yau?"

Akwai buhun PICS da masana a Jami'ar Purdue ta Amurka suka samar: leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje. Idan aka ɗaure shi tam, ƙwaron wake yana cinye iskar da ta rage, sai ya daina ci da hayayyafa, ba tare da an zuba magani ba. Manomi kuwa yakan so ya sake amfani da buhun bara don ya huta da sayen sabo. Daga nan tambayarta ta fito: shin buhun da ya riga ya yi shekara guda yana kare wake na wata shida kamar yadda sabo ke yi? Jimla ɗaya ce, kuma duk wanda ya ji ta ya san irin amsar da ake jira.

Sakin layi na biyu shi ne hanyar bincike, kuma a nan ɗalibai suka fi ɓuya a bayan manyan kalmomi. "Za a yi amfani da hanyoyin kimiyya" ba ta gaya wa kowa komai ba. Ita sai ta rubuta cewa za ta kwatanta buhu iri uku, wato sabo, da na bara, da buhun saƙa na yau da kullum, ta riƙa ƙirga ƙwayoyin da ƙwaro ya huda a cikin kowace ƙwaya ɗari. Akwai tarko a nan: buhun da aka buɗe don ɗebo samfuri ya sha iska, gwajinsa ya lalace. Dole kowane zagaye ya zama da nasa buhunan da ba a taɓa kwancewa ba. Jimla ɗaya da ke nuna ta san wannan ta fi shafi biyu na bayani tasiri a wurin masanin da ke karantawa.

Muhimmancin aikin ba ya buƙatar dogon zance. Ba sai ta ce za ta kawar da yunwa a Afirka ba. Ya isa ta ce sakamakon zai nuna wa malaman gona abin da za su faɗa wa manomi ko ɗan kasuwar Dawanau da ke riƙe da tsohon buhu: ya sake ɗaurawa, ko ya sayi sabo.

Sai maganar yiwuwa, wadda a ganina ita ce ke tona asirin sauran. Da farko ta tsara buɗe buhu biyar na kowane iri duk wata har wata shida. Lissafi ya ba da buhu 90, kuma ko da na kilo 50 ne, wake kilo 4,500 ke nan, ban da kuɗin sito. Aljihun ɗaliba ba zai ɗauka ba. Ta koma ta rage: buhu huɗu na kowane iri, a buɗe a wata na biyu, na huɗu da na shida. Ya zama buhu 36, kilo 1,800. Ka ga sakin layi na ƙarshe ya tilasta gyara na biyu. Lokaci ma ba a hannunta yake ba, tunda sabon wake sai kaka. Idan tana son maimaita gwajin sau biyu a cikin shekara uku, kuɗin da ya makara ya wuce Nuwamba ya ci mata shekara sukutum. Ta rubuta hakan ƙarara, tare da sunan ɗakin gwajin da ya amince ta yi aiki a ciki.

Kafin ta miƙa, ta ba wata ƙawarta daga sashen tarihi shafin ta karanta sau ɗaya, sannan ta kife takardar ta ce ta maimaita mata. Ƙawar ta kawo tambayar daidai, ta kawo buhu 36, amma ta kasa tuna wanda aikin zai amfana. Wannan sakin layin ta sake rubutawa a daren.