Direba a Jidda: tsakanin cefanen gida da bashin tafiya

Yawancin masu tafiya Saudiyya neman aiki ba da kuɗin aljihunsu suke tafiya ba. Akan jinginar da gona ko a ci bashin ɗan'uwa don a biya ejan kuɗin biza da tikiti, ko da yake dokar ƙwadago ta Saudiyya ta ɗora kuɗin ɗauko ma'aikaci da na iƙama a kan mai ɗaukarsa aiki. Mutum yana sauka, bashi na jiransa, gida ma na jira.

A ce direba ne a Jidda, albashinsa riyal 1,500, kafilinsa ya ba shi ɗaki. Abinci da katin waya su ci 400, saura 1,100. Bashin tafiyarsa kuwa ya kai kimanin riyal 8,400. Idan yana tura wa gida 800, ya bar wa bashi 300, sai ya yi wata 28 kafin ya gama, alhali kwantiraginsa na shekara biyu ne. Idan ya juya lissafin, bashi ya ci 700, gida ya samu 400, a wata 12 ya sauke. Wahalar ita ce faɗa wa mahaifiya haka, musamman da yake a unguwa an riga an ce ɗanta yana Makka, kuɗi sun zo. Da yawa sukan ɓoye girman bashin saboda kunya, sai buƙatun suna da biki da kayan Sallah su cinye rabon mai bashi. A ganina gara a bayyana adadin tun watan farko, a yanka wa gida abin da zai riƙa samu.

Sai kuma tambayar wane bashi za a fara biya, domin ba duka ne iri ɗaya ba. Riyal a ɗaure yake da dala, 3.75 kowace dala, tun 1986. Naira kuwa, bayan an sake ta a watan Yunin 2023, ta tashi daga ƙasa da 500 kowace dala a farashin hukuma zuwa sama da 1,400 a farkon 2024. Wanda ya ci bashin naira kafin lokacin, yana karɓar albashi da riyal, nauyin ya ragu masa sosai. Wanda ejan ya rubuta masa bashi da riyal ko dala bai ga wannan sauƙi ba.

Jinginar gona ta fita daban. Ba a rubuta mata ruwa, amma duk daminar da ta wuce, wanda ke riƙe da gonar shi ke nomawa ya kwashe amfani, iyalin mai ita kuma su sayi hatsi a kasuwa da kuɗin da yake turowa. Don haka idan rani ya kusa ƙarewa, fansar gona ta fi gaggawa, ko da ɗan'uwan da ke binsa zai ƙara haƙuri na 'yan watanni.