Tsakanin Saye da Sayarwa: Inda Dilolin Kasuwar Hannun Jari Ke Cin Abinci

Duk wanda ya taɓa canjin kuɗi a Wapa ta Kano ya san ɗan canji farashi biyu gare shi: wanda yake sayen dala da wanda yake sayar da ita. Ba ya cewa ka jira sai ya samo mai so. Nan take yake ƙirga maka naira, dalar ta zama tasa, ko ta tashi ko ta faɗi. Manyan kasuwannin hannun jari, daga New York har Legas, suna da kamfanonin da aikinsu ke nan. Su ba dillalai ba ne, domin dillali haɗa mai saye da mai sayarwa yake yi, ya karɓi la'adarsa. Waɗannan diloli ne masu saye da kuɗinsu, su riƙe hajar, kuma sun ɗauki alkawarin ajiye farashin saye da na sayarwa a allo muddin kasuwa tana ci. Kasuwar hannun jari ta Najeriya ta soma aiki da irin wannan tsari a shekarar 2012.

Mu ɗauki misali. A ce hannun jarin wani kamfani yana yawo a wajen naira 50. Dila zai rubuta cewa yana sayen guda 10,000 a kan naira 49.90, yana kuma sayar da guda 10,000 a kan naira 50.10. Kwabo 20 ɗin da ke tsakani ita ce tazara, kuma nan abincinsa yake. Idan wani ya sayar masa da 10,000, can an jima wani ya zo ya saye su, ya fitar da naira 499,000 ya karɓi 501,000. Ribar naira 2,000 ke nan, kafin a cire kuɗin hada-hada. Ba ta da yawa, shi ya sa sana'ar ta dogara da maimaici: a juya kuɗin sau ɗari ko sau dubu kafin a tashi.

Faɗin tazarar ba da ka ake yanke shi ba. Hannun jarin da ake ciniki a kansa kowane daƙiƙa tazararsa siririya ce, saboda abin da dila ya saya ba ya daɗewa a hannunsa, ga kuma abokan gasa da za su ƙwace masa ciniki idan ya yi tsada. Wanda kuwa sai a wuni ba a taya ba, ko wanda farashinsa ke yawan tsalle, tazararsa faɗi take yi. Doka ma tana da hannu: kafin 2001 ana yanka farashi a Amurka da kashi ɗaya bisa goma sha shida na dala, wato sama da santi shida, da aka koma ƙirga santi ɗaiɗai sai tazarar manyan kamfanoni ta tsuke ƙwarai.

Matsala tana farawa ne ranar da ciniki ya karkata gefe guda. A ce masu sayarwa uku sun zo a jere, kowa da 10,000, babu mai saye ko ɗaya. Dila ya tara guda 30,000, kusan naira miliyan ɗaya da rabi ta kwanta. Idan farashi ya sauka da naira ɗaya tak daga inda ya saya, ya yi asarar naira 30,000, wato ribar cikakken juyi goma sha biyar ta tafi a tashi ɗaya. Saboda haka dila na gaske ba farashin gobe yake hasashe ba. Abin da ke hana shi barci shi ne yawan hajar da ke hannunsa.

Makaminsa na farko shi ne gusar da farashinsa biyun tare. Zai sauko da na saye zuwa 49.75 don masu sayarwa su nufi wani dilan, ya sauko da na sayarwa zuwa 49.95 don ya zama shi ne mafi araha a allo. Yanzu kwabo biyar kacal yake ci a kan kowane guda. Idan hakan bai jawo masu saye ba, zai iya saukowa har 49.85, ƙasa da yadda ya saya, ya rabu da duka 30,000 ɗin a kan faɗuwar naira 1,500. Mai kallo daga waje zai ce ya yi wauta, alhali ya sayi kwanciyar hankali ne da araha. Akasin haka ma yana faruwa: in masu saye suka wawushe abin da ke hannunsa, sai ya ɗaga farashin biyun don ya jawo masu sayarwa.

Makami na biyu kariya ce daga wata kasuwar. A New York, dilan da haja ta yi masa yawa yakan sayar da yarjejeniyar ciniki ta gaba a kan ma'aunin S&P 500, ta yadda idan kasuwa gaba ɗaya ta faɗi, ribar can za ta toshe asarar nan. Sai dai wannan ba ya kare shi daga mummunan labarin da ya shafi kamfanin shi kaɗai.

Nan ne babban abin tsoron yake. Cikin masu sayarwa ukun nan, wataƙila biyu kuɗin makaranta ko na haya suke nema. Na ukun kuwa mai yiwuwa ya riga dila fahimtar cewa ribar kamfanin ta karye. Fuskar mai ciniki ba ta bayyana a allo, don haka diloli suna duba abin da ke biyo bayan kowane ciniki: ina farashi ya nufa bayan daƙiƙa kaɗan ko minti ɗaya? Idan duk sanda suka saya sai ya ƙara sauka, to da masu labari suke ciniki. Sai su faɗaɗa tazara, su rage adadin da suke tayawa, musamman gab da fitar da rahoton kamfani ko sanarwar babban banki.

Idan an riƙe waɗannan ƙa'idoji, sakamakon yana da ban mamaki. Kamfanin Virtu Financial ya bayyana a 2014 cewa cikin ranakun ciniki 1,238, rana ɗaya kawai ya tashi da asara. Idan kuwa linzami ya kuɓuce, hajar ce ke kashewa. Ranar 1 ga Agusta, 2012, manhajar kamfanin Knight Capital ta yi ta jefa umarnin ciniki ba ƙaƙƙautawa, ta tara masa hajar da bai nema ba, kuma abin da aka yi cikin kimanin minti 45 ya ci masa kusan dala miliyan 440.

Alkawarin tsayawa a kasuwa ma yana da iyaka. Ranar 6 ga Mayu, 2010, da farashi ya rufta a Amurka cikin 'yan mintoci, diloli da dama sun ja da baya, suka bar farashin jeka-na-yi-ka a allo don cika sharaɗi kawai. Har aka sayar da hannun jarin Accenture, mai darajar wajen dala 40, a kan santi ɗaya. An soke irin waɗannan cinikayya, daga baya hukuma ta haramta ajiye irin wannan farashi.

Saboda haka, mai karatu, kafin ka sayi hannun jari ka duba farashin biyu, ba na cinikin ƙarshe kawai ba. Tazarar kwabo 20 a kan naira 50 tana nufin in ka saya ka sayar nan take, naira huɗu ta tafi cikin kowace dubu. In ka ga ta yi faɗi fiye da yadda ta saba, diloli sun tsorata ne, kuma ba lokacin cewa "a saya ko nawa ne" ba ne. Ka faɗa wa dillalinka iyakar farashin da za ka biya, ka bar umarnin ya jira.