Ko Kun Sani? Jeri na iya dosar sifili ta fuskar yiwuwa, amma ya ƙi zama a kansa

A ilimin yiwuwa, idan aka ce jerin Xₙ ya doshi X, sai a tambaya: wace irin dosa? Dosa ta fuskar yiwuwa na nufin ga kowane ε > 0, P(|Xₙ − X| > ε) → 0. Wannan na duba kowane mataki shi kaɗai. Dosa ta kusan tabbas kuwa ta fi tsauri, domin tana bin jerin tun daga farko har abada: P(Xₙ → X) = 1. Ta biyu na haifar da ta farko, amma ta farko ba ta haifar da ta biyu.

Ga hujja. A ɗauki Xₙ waɗanda ba su dogara da juna ba, inda P(Xₙ = 1) = 1/n, in ba haka ba Xₙ = 0. Tun da 1/n → 0, jerin ya doshi sifili ta fuskar yiwuwa. Sai dai jimillar Σ 1/n ba ta da iyaka, don haka ƙa'idar Borel da Cantelli ta biyu ta tabbatar da cewa 1 zai yi ta dawowa ba iyaka, da yiwuwa 1. Fitowarsa kan yi wuya a kai a kai, amma ba ya ɗaukewa, kuma nan ne ɗalibai da yawa kan ruɗe.

A mayar da 1/n zuwa 1/n², jimillar ta tsaya a π²/6, sai ƙa'idar Borel da Cantelli ta farko ta ba da dosa ta kusan tabbas. Ko a misalin farko, in aka tsinci n = 2ᵏ kaɗai, Σ 1/2ᵏ na da iyaka, don haka wannan ɓangaren jerin ya doshi sifili kusan tabbas.