Riba miliyan 80, ƙari miliyan 140: daga ina sauran ya fito?

Mai hannun jari yakan buɗe rahoton shekara na kamfani ya wuce kai tsaye shafin riba da asara. Amma akwai wani shafi da ke nuna yadda rabon masu kamfani ya sauya daga farkon shekara zuwa ƙarshenta. Rabon nan shi ne abin da ya rage idan aka cire duk basussukan da ake bin kamfani daga kadarorinsa. Tun 2012 kamfanonin da ke kasuwar hannun jari ta Najeriya suke bin ƙa'idojin lissafi na duniya, waɗanda suka wajabta wannan shafi.

A ce wani kamfanin gyaran shinkafa ya buɗe shekara da naira miliyan 500: miliyan 200 uwar kuɗin da masu hannun jari suka zuba, miliyan 300 ribar da aka tara a shekarun baya. Ya ci ribar miliyan 80 bayan haraji, ya raba wa masu hannun jari miliyan 30, ya kuma sayar da sababbin hannayen jari na miliyan 50. Sai masu ƙiyasi suka ce filin masana'antar ya ƙara daraja da miliyan 40. In muka ajiye batun harajin wannan ƙarin, shekara za ta rufe da miliyan 640.

An samu ƙarin miliyan 140, amma miliyan 80 kaɗai ciniki ya kawo. Miliyan 50 daga aljihun masu hannun jari ta fito, shi ya sa ba a sa ta cikin riba. Miliyan 40 ta fili kuwa ko sisi bai shigo akwatin kamfani ba, tunda filin yana nan ba a sayar ba. A wani gurbi na daban ake ajiye ta, ba a cakuɗa ta da ribar da aka tara. A ganina nan mai karatu ya fi bukatar lura, domin kamfanin da cinikinsa ke tangal-tangal zai iya nuna rabo mai kumbura saboda tsadar ƙasa kawai.

Kyautar hannun jari ba ta ƙara komai: kuɗi ne ake kwashewa daga wani gurbi, kamar na tarin riba, zuwa na uwar kuɗi, jimilla na nan yadda take. Rabon ribar da aka ayyana bayan rufe shekara kuma sai a lissafin baɗi za a cire shi.

Ka kuma gwada adadin da aka buɗe bana da shi da wanda rahoton bara ya rufe da shi. In sun saɓa, galibi an gyara wani tsohon kuskure ne ko an sauya tsarin lissafi, kuma dole kamfani ya nuna gyaran a fili, ya faɗi dalilinsa a bayanan da ke bayan rahoton.